Za a rufe hanya don gyaran kwalbati: yaya zan rubuta sanarwar da mutanen karkara za su gane?

*Assalamu alaikum Baba. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma a Jigawa. Za a rushe kwalbatin da ke kan hanyar burjin da ta haɗa wasu ƙauyukanmu da titin kwalta a gina sabo, an ce in rubuta sanarwa. Abin da ke cikin takardar ɗan kwangila shi ne aikin yana CH 3+200, zai ɗauki sati uku, jama'a su bi wata hanya. Yaya zan rubuta ta?*

Wa alaikumus salam ɗana. Ka ninke takardar nan ka sa a aljihu tukuna, ka nemi ɗan acaɓa ya kai ka wurin. Na yi shekaru a sashen ayyuka kafin in ajiye aiki, kuma ban taɓa ganin sanarwar hanya ta yi kyau ba alhali wanda ya rubuta ta bai taka wurin ba. Ɗan kwangila injiniya ya rubuta wa takardarsa. Kai kuwa waɗanda za ka yi wa magana su ne direban da ya ɗauko buhunan riɗi, da mai amalanken shanu, da matar da za ta awon ciki ranar Talata. Yawancinsu ma ba za su ga takardarka da ido ba. A bakin liman za su ji ta bayan sallar Juma'a, ko a bakin mai shela, ko a rediyo, ko a tasha wani ya ba wani labari. Don haka ka rubuta abin da in ya bi ta baki uku zai isa da ranarsa da wurinsa ba su canza ba.

Mu fara da rana, don nan ne na fi ganin ana tuntuɓe. Ni kaina na taɓa rubuta cewa za a rufe wata hanya "ranar Litinin mai zuwa". Liman ya karanta a wannan Juma'ar, takardar ta zauna a masallaci, wata Juma'ar ladan ya sake karantawa kamar yadda na rubuta. Aka samu Litinin biyu a gari ɗaya. Waɗanda suka ji karatu na biyu suka yi lodi da gaba gaɗi, suka tarar an riga an haƙe hanya. Tun daga ranar na daina sa "gobe", "jibi", "mai zuwa", "ta sama" da "nan ba da jimawa ba" a kowace sanarwa, saboda duk kalmomin nan sun dogara ne da ranar da aka faɗe su, ita kuwa takarda ba ta san ranar da za a karanta ta ba.

Abin da za ka rubuta shi ne sunan rana, da kwanan wata, da sunan wata, da shekara, a jere: Litinin, 2 ga watan Nuwamba, 2026. Sunan ranar ya zo farko, don shi mutum zai riƙe. Kada ka rubuta 2/11, kada kuma ka ce "watan sha ɗaya" kawai. A karkara lissafin wata uku ne ke tafiya tare: na boko, da na Musulunci, da na manoma, wanda a cikinsa ake cewa watan bakwai maƙarar rani. In ka ce wa dattijo watan bakwai kana nufin Yuli, shi hankalinsa na iya tafiya lokacin faɗuwar damina. In kana son ƙara kwanan watan Musulunci, madalla, amma ka tambayi liman, ka kuma sa shi bayan na boko, tunda ganin wata na iya motsa shi da kwana ɗaya. Litinin kuwa Litinin ce a wurin kowa.

Akwai wani tarko kuma a maganar dare. A wurinmu daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta wuni, wanda za a wayi gari Juma'a. Ma'aikacin ofis kan rubuta "daren Juma'a" yana nufin bayan an sauko daga masallaci rana ta faɗi. In har za a yi wani abu da dare, ka warware shi: "ranar Alhamis bayan sallar Isha'i". Da safe ma haka, ka faɗi ƙarfe nawa ka haɗa da abin da kowa ya sani, kamar "ƙarfe 7 na safe, bayan an fito sallar Asuba gari ya waye sosai". Sannan ka ƙara jumla ɗaya da mutane ke mantawa da ita: ranar ƙarshe da mota za ta iya wucewa. Mai kaya wannan yake son ji fiye da ranar fara aiki.

Ka kuma duba ko ranar da aka zaɓa ta dace kafin ka buga ta. Mutanenmu da kasuwa suke lissafin mako. Gujungu Lahadi take ci, Maigatari Alhamis, a Kano Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi. In ƙauyukanku Gujungu suke ci, rufe hanya ranar Asabar zalunci ne, domin a ranar ake fitar da kaya. Ka roƙi shugaban sashen ayyuka a bari sai Litinin, kowa ya ci kasuwarsa ya dawo. Kwana biyu ba su rage wa ɗan kwangila komai.

To, sai wannan "sati uku". Kada ka buga shi sai ka zauna da injiniyan da ke duba aikin ka tambaye shi abu ɗaya: sati uku na aikin hannu ne, ko sati uku har mota ta hau? Sau da yawa ɗan kwangila kwanakin da leburori za su yi yake ƙirgawa. In kwalbatin bututu ne irin wanda ake kawowa a gine a jera a rufe da ƙasa, yana iya yin sauri. In kuwa mai kusurwa huɗu ne da za a ɗaura rodi a kafa katako a zuba kankare a wurin, to lissafin daban ne. Kankare ba ya ƙarfi a ranar da aka zuba shi. A kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, kuma a kwana 28 ne ake auna cikakken ƙarfin da aka tsara masa, shi ma sai ana ba shi ruwa, musamman da hunturu da iska ke busar da komai da wuri. Mu ɗauka an fara Litinin 2 ga Nuwamba. Rushe tsohon, da haƙa, da zuba ƙasan, da bangaye, da ɗaurin rodin sama, a ce sun ci mako biyu, an zuba saman ranar Litinin 16 ga Nuwamba. Ƙara kwana 28, ka sauka a Litinin 14 ga Disamba. Ka bar mako guda saboda ciko da daɓe jar ƙasa a gefe biyu da abin da ba a rasa ba, kamar tifa ta lalace ko siminti ya yanke. Ranar buɗewa ta zama Litinin 21 ga Disamba. Sati uku ya koma sati bakwai, wato kasuwar Lahadi bakwai za a ci ba a bi ta nan ba. Wannan lissafin misali ne, injiniyanku ne zai ba ka na gaskiya, kuma ka sa ya rubuta maka da hannunsa.

Na san za a ce maka kada ka faɗi sati bakwai, jama'a za su yi surutu. Za su yi, na yini ɗaya. Amma in ka ce uku, ranar da ta cika direbobi za su zo su ture duro su hau ɗanyen kankare da tirela, kuma ba za ka iya ce musu komai ba, takardarka ce a hannunsu. Ka rubuta "ana sa ran buɗewa ranar kaza in Allah ya yarda", ka biyo da alkawarin cewa in an samu canji za a sanar kafin ranar. In sha Allahu tana tafiya tare da rana, kada ta zauna a madadinta.

Yanzu wurin. CH 3+200 na nufin kilomita 3 da mita 200 daga inda injiniya ya fara awo, kuma ban da shi da yaransa babu wanda ya san daga ina ya fara. In ka isa wurin, ka tambayi mutum uku daban-daban, ɗan acaɓa da manomi da wata dattijuwa, me suke kiran nan. Za ka ji kowane kwalbati da kowace kwana suna da suna: kwalbatin tsamiya, kwanar makabarta, gadar Fulani. Sunan da biyu cikin uku suka faɗa shi za ka rubuta. Sannan ka kama wurin ta kai biyu, daga ina zuwa ina, da abin da ido ke gani kuma ba ya motsi: makarantar firamare, masallacin Idi, rijiyar burtsatse, tankin ruwa. Ka guji "kusa da gidan Alhaji wane", don baƙon direba bai san shi ba, wani lokacin ma mai gidan ba ya so. Ka lura da sunayen da ake maimaitawa. Sabon Gari, Unguwar Gabas, Tudun Wada, Gidan Dagaci, kusan kowace gunduma akwai su, don haka ka haɗa da sunan babban garin da ke kusa. Mu Hausawa da gabas da yamma da kudu da arewa muke kwatance, kuma ya fi dama da hagu aminci, tunda damar mai shigowa ita ce hagun mai fita.

Wani abin da ba a cika yi ba shi ne faɗin inda aikin bai shafa ba. In ka ce "an rufe hanyar Sabon Gari", direba a tasha zai ɗauka duk hanyar ce, ya ƙi ɗaukar fasinjan ƙauyen da ke kafin kwalbatin, ko ya ninka masa kuɗi. Ka faɗa ƙarara: daga bakin kwalta har makarantar firamare hanya a buɗe take. Ka lissafa sunayen ƙauyukan da ke bayan kwalbatin ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce "da kewaye". Mutum in bai ji sunan garinsu ba, ba da shi ake ba. Kada ka manta da rugage, Arɗo ma ya samu kwafinsa.

Maganar "a bi wata hanya" ita ce ta fi ba ni haushi a takardar nan, domin babu wata hanya guda ɗaya da ta ishi kowa. Hanyar da babur zai bi ba ita ce ta ƙaramar mota ba, ta ƙaramar mota ba ita ce ta babbar mota mai buhu ɗari uku ba. Aikinka ne ka raba su, kuma ba za ka iya ba sai ka bi kowace da kanka. Yawanci ɗan kwangila kan share ɗan ratse a gefen aikin ta cikin rafin. Da rani wannan ya ishi mai ƙafa, da keke, da babur, da amalanke. Amma ka sauka ka taka ƙasan. In yashi ne mai zurfi, ƙaramar mota za ta kafe. In laka ce da ta bushe a sama, a farkon Nuwamba ƙasanta na iya kasancewa da danshi, ka soka sanda ka gani. Da damina kuwa, Yuli da Agusta, irin wannan ratsen ba abin dogaro ba ne sam, ruwan dare ɗaya ya isa ya tafi da shi.

Hanyar motoci ka bi ta da mota, ka duba awon kilomita a farko da ƙarshe, ka duba agogo. Abin da direba ke son sani shi ne ƙarin nawa ne a kan abin da ya saba, don da shi zai lissafa mai. Ka duba faɗinta, ko mota biyu za su iya giftawa. Ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki da rassan itatuwa, saboda lodin kara da na buhu yana da tsawo. Ka duba ƙananan kwalbatocin da ke kanta. Na ga inda aka karkatar da manyan motoci ta wata 'yar hanyar ƙauye, kafin a gama gyaran kwalbati ɗaya sun karya biyu. In hanyar ba za ta ɗauki babbar mota ba, ka rubuta haka da baƙaƙe, ka nuna musu doguwar hanyar kwalta ko da ta fi nisa. In kuma babu wata hanya sam ga manyan motoci, shi ma ka faɗa, ka nuna inda za su tsaya a yi musu dakon kaya da amalanke ko a-kori-kura.

Sai gonaki. A Nuwamba an gama da gero, amma dawa da wake suna nan a gona a wurare da yawa. In sanarwarka ba ta nuna hanya ba, direbobi za su fasa tasu ta cikin amfanin mutane, daga nan sai gaban Dagaci, wani lokacin har ofishin 'yan sanda. In ratsen zai taɓa gonar wani, a zauna da shi gaban Mai unguwa a daidaita kafin ka buga komai. Burtali kuma hanyar shanu ce, kada ka tura motoci cikinsa ba a yi magana da makiyaya ba. Ka je asibitin da ƙauyukan nan ke zuwa ka gaya wa mai kula da shi baki da baki ta inda za a riƙa kawo mai naƙuda da dare, ka kuma sa jumla guda a kan haka a cikin sanarwar. Kuɗin mota ba naka ba ne ka yanke, amma ka kai wa shugabannin ƙungiyar direbobi da ta 'yan acaɓa awon da ka yi, don kada ƙarin kilomita 6 ya zama dalilin ninka kuɗi.

Ga yadda za ta iya fitowa. Sunayen ƙauyuka da nisan na misali ne, ka musanya da naku:

*Sanarwa daga Ƙaramar Hukuma. Za a rufe hanyar Sabon Gari a daidai kwalbatin tsamiya daga ranar Litinin, 2 ga watan Nuwamba, 2026, ƙarfe 7 na safe, don gina sabon kwalbati. Ranar ƙarshe da mota za ta wuce ita ce Lahadi, 1 ga Nuwamba. Ana sa ran buɗewa ranar Litinin, 21 ga watan Disamba, 2026, in Allah ya yarda. Wurin da aka rufe shi ne daga makarantar firamare zuwa masallacin Idi. Daga bakin kwalta zuwa makarantar firamare hanya a buɗe take. Abin ya shafi mutanen Sabon Gari, Tudun Wada, Unguwar Gabas da rugagen da ke arewa da rafi. Masu ƙafa, keke, babur da amalanke su bi ratsen da ke kudu da kwalbatin. Ƙananan motoci da masu ɗauko marar lafiya su bi ta kwanar makabarta su ɓulla bayan kasuwa, ƙarin kilomita 6. Manyan motoci kada su bi ta kwanar makabarta, su zagaya ta titin kwalta su shigo ta yamma, ƙarin kilomita 19. Kada kowa ya ratsa ta gona. In an samu canji za a sanar kafin ranar. Mai tambaya ya tuntuɓi sashen ayyuka ko Dagacin garinsu.*

Ka ga ban fara da jerin gaisuwa da yabon mai girma shugaba ba. Na san sai an sa, aikin ofis ne, amma ka kai shi ƙasa wajen sa hannu da hatimi. Mai saurare jumla biyun farko yake kamawa da kyau, in ka cinye su da kirari, ranar za ta zo lokacin da hankalinsa ya koma kan shayinsa. Ka ƙara lambar wayar ofis wadda da gaske ake ɗauka, da ranar da aka fitar da sanarwar. In da mai iya ajami a kusa, a yi kwafi da shi a manna a masallaci da tsangaya, akwai dattawa da yawa da shi suka fi karantawa.

Kafin a buga, ka gwada ta. Ka je tasha ka karanta wa ɗan acaɓa ɗaya sau ɗaya tak, da murya, kada ka nuna masa takardar. Sai ka tambaye shi: yaushe za a rufe, a ina, kai ta ina za ka bi, mai tirela fa? Duk inda ya yi "to, ina jin...", jumlar nan ce ba ta yi ba, ka koma ka gyara ta. Ka sake gwadawa da wani wanda ba ɗan yankin ba, shi ne zai nuna maka sunan da 'yan gari kaɗai suka sani.

Wajen fitarwa, ka ba ta Juma'a biyu. A misalinmu 23 da 30 ga Oktoba ke nan, da kasuwannin da ke tsakani. Takardar ta bi ta hannun Hakimi zuwa Dagatai da Masu unguwa, su ne za su sa mai shela, in ka tsallake su za ka sha mamakin yadda maganarka za ta kwanta. A kai gidan rediyon da mutanenku suka fi kamawa. In za ka yi saƙon murya na WhatsApp, ka faɗi shekara a ciki, domin irin waɗannan saƙonni sukan dawo yawo bayan shekara guda kamar sababbi.

Allo kuma a kafa shi a inda direba ke da damar canza shawara, wato a bakin kwalta da kwanar makabarta, da kibiya da 'yan kalmomi manya: HANYA A RUFE, ƘANANAN MOTOCI TA NAN. Allon da aka kafa a bakin rami ba ya hana kowa wahala, babbar mota in ta kai nan ba ta da wurin juyawa. A bakin ramin duro ake jerawa a shafa musu fenti ja da fari, da abin da ke ƙyalli in fitila ta haska, saboda 'yan acaɓan da ke dawowa daga kasuwa bayan Isha'i. Wannan hakkin ɗan kwangila ne, amma ka je ranar Lahadi da yamma ka gani da idonka ko an yi.

Ka rubuta 14 ga Disamba a littafinka. Ranar ka kira injiniya ka tambaye shi ko 21 tana nan. In ta motsa, sabuwar sanarwa ta fita a Juma'ar 18 ga wata da sabuwar rana da dalili a jumla ɗaya, ta hannun mutanen da suka kai ta farko. In an buɗe, shi ma a sanar, a kuma cire allunan, in ba haka ba za ka tarar direbobi na ta zagayen kilomita 19 har watan Janairu.